Mota ɗaya, direba uku, makulli biyu: yadda muka daidaita kujerar motar Yaya

Ranar wata Asabar da hantsi Yaya ya kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ka zo ka duba motar nan, kujerar ta daina gane ni." Wayarin mota ne sana'ata, don haka duk wata rigimar lantarki a motocin danginmu kaina take ƙarewa, kuma kyauta. Motar Lexus RX 350 ce samfurin 2016, 'yar Beljiyam kamar yadda muke cewa, ko da yake daga Amurka ta fito. Mutum uku ne ke tuƙa ta. Akwai Yaya da kansa, dogon mutum mai jiki. Akwai matarsa, wadda nake kira Anti, da kyar ta kai kafaɗarsa. Sai babban ɗansu da bai daɗe da karɓar lasisi ba, siriri, tsawonsa tsakanin na iyayen. Makullan motar kuwa biyu ne, iri ɗaya sak, an rataye su a ƙusa ɗaya bayan ƙofar falo.

A jikin ƙofar direba akwai maɓallai huɗu a jere: SET, 1, 2 da 3. Ba kowace RX ta wannan shekarar ce ke da su ba, sai wadda aka saya da wannan ƙari tun daga kamfani, don haka mai son saye ya fara leƙa ƙofar. Aikinsu shi ne riƙe zaman direba: inda kujera take, inda sitiyari yake, da inda madubai biyu na gefe suke kallo. Dillalin da ya kawo motar ya saita wa Yaya lamba 1 a tsaitsaye, ya ce wa Anti ita ce 2, yaron kuma 3, ya haɗa makulli ɗaya da 1, ɗayan da 2, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Babu wanda ya koyi yadda aka yi.

Da na zauna da su a tsakar gida sai na ga ƙorafin ba ɗaya ba ne, uku ne aka cure wuri guda aka kira shi "motar ta rikice". Na farko, wani lokaci Yaya yana buɗe ƙofa sai kujera ta kama tafiya gaba, yana shiga yana danna maɓallin tayarwa ta ƙarasa, gwiwoyinsa su maƙale a ƙarƙashin sitiyari. Na biyu, duk ranar da za su fita tare da Anti, kujerar ba ta motsi kwata-kwata, nan take tsayawa inda wanda ya tuƙa ƙarshe ya bar ta. Na uku shi ne ya sa aka kira ni: tun makon da ya wuce, ko ya danna 1 da yatsansa, zaman da take kawo masa ba nasa ba ne. Yaya ya riga ya yanke hukunci cewa kwamfutar kujerar ta ƙone, har wani ya faɗa masa kuɗin tsohuwa a kasuwa.

Ban ɗauko ko mita ba. Na shiga, na bar giya a P, na danna maɓallin tayarwa sau biyu ba tare da taka birki ba har IGNITION ON ya fito, sannan na danna 1. Kujera ta tafi lafiya lau, ba gargada, ba ƙara, ta tsaya. Na danna 2, ta zo gaba ta ɗago, sitiyari ya bi, madubai suka juya. Na danna 3, ta koma baya. Na sake danna 1, sai ba ta yi wani motsin kirki ba, ɗan taku kaɗan kawai. Wato zaman da ke cikin 1 da wanda ke cikin 3 kusan abu ɗaya ne. Kwamfutar da ta ƙone ba ta yin haka. Idan na'ura ce ta lalace, ko dai wani ɓangare ya ƙi motsi ko da ka matsa masa da maɓallin gefen kujera, ko ya tashi ya tsaya a hanya, ko ya sauka wuri daban kowane danni. Wannan kuwa tana sauka wuri ɗaya kullum, daidai da abin da aka ba ta. Wani ne ya ba ta sabon abu.

Na kira yaron na ce ya nuna mini yadda yake kiran zamansa. Ya sa yatsa ya danna SET, sannan ya kai hannu wajen lambobin. Na riƙe hannun. "Kullum haka kake yi?" Ya ce, "E, Baffa, ai sai ka danna SET tukuna take amsawa." To ga ɓarawon. SET ba na kira ba ne, na ajiyewa ne. Duk wanda ya danna shi, sannan cikin daƙiƙa 3 ya danna wata lamba har ta yi ƙara, ya ɗora zaman da kujera take a lokacin a kan wannan lambar, ya shafe na da, kuma motar ba ta tambayar ko ka tabbata. Yaron ya saba gyara kujera da hannu sannan ya danna SET da 3, yana tsammanin kira yake yi, alhali sabon ajiya yake yi kowane shiga. Wata ranar da daddare, a cikin duhu, yatsa ya sauka kan 1. Yaya ya dube shi ya ce, "Au, ashe kai ne kwamfutar da ta ƙone."

Ƙorafi na farko bai buƙaci bincike ba. Motar ba ta san Yaya ba, ba ta san Anti ba, makulli ta sani. Kowane makulli yana da lambar sirrinsa, kuma da wannan lambar aka ɗaura shi ga 1 ko 2. Idan Yaya ya fizgo na Anti daga ƙusa yana sauri, a wajen motar Anti ce ta zo, sai ta shirya mata wuri. Kuma takan yi shirin ne hawa biyu, abin da ya sa Yaya bai taɓa gane me ke faruwa ba sai ya riga ya shiga. Idan ka buɗe kulle da makullin ka ja ƙofar direba, madubai suna juyawa, kujera ta zo kusa da inda aka ajiye amma ta ɗan tsaya daga baya don a samu shiga, sitiyari kuwa ba ya motsi tukuna. Sai ka danna maɓallin tayarwa ko ka ɗaura bel, sannan kujera ta ƙarasa, sitiyari ya sauko. A wannan ƙarashen ne take kama gwiwar dogon mutum. Na nuna masa cewa ba sai ya yi ta salati yana tura sitiyari ba: danna SET ko kowace lamba yana tsayar da tafiyar nan take. Taɓa maɓallin gefen kujera ma yana tsayarwa, amma kujerar kaɗai, sitiyari zai ci gaba da zuwa.

Na biyun ne ya fi ba ni sha'awa, don sai da na sa suka maimaita fitarsu a gabana. Yaya ya tsaya kulle ƙofar falo, Anti ta riga shi isa mota, makullinta na cikin jaka, ta sa hannu a marikin ƙofar fasinja. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, yadda suke zuwa daga kamfani, marikin ƙofar direba ita kaɗai yake buɗewa, na fasinjan gaba kuwa yana buɗe duka ƙofofin. Don haka kafin Yaya ya iso motar a buɗe take, kuma ba ta ƙofar direba aka buɗe ta ba. Kiran zama da makulli yana aiki ne idan motar tana kulle, aka buɗe ta da rimot ko da marikin direba, sannan aka ja ƙofar direban. Tunda Yaya ya tarar da ƙofa a buɗe, babu wanda ya tambayi makullinsa ko shi wane ne. Maganin a ranar irin wannan shi ne ya danna 1 da hannu, shi ke nan. Anti ta ce, "To Injiniya, yanzu sai in tsaya cikin rana ina jiran yayanka ya gama laluben makulli?" Na ce a'a, ki shiga abinki, shi dai ya koyi danna maɓalli ɗaya.

Tunda lamba 1 ta riga ta ɓaci, na ce mu sake komai daga tushe, don ko na Anti da dillali ya yi ban yarda da shi ba. Muka fito da motar ƙarƙashin darbejiya, a fili mai shimfiɗe, na tayar da inji saboda mu samu sanyin AC da kuma kada mu shanye batir muna ta wasa da kujera. Abu na farko da na yi shi ne leƙa ƙarƙashin kujerar da fitilar waya. Na fito da robar ruwa, ƙwallayen dabino, murfin biro, da takalmin jariri ƙafa ɗaya. Wannan ba tsafta ce kawai ba. Kujerar ba ta da ido, na'urar da ke jikin kowane ƙaramin injinta ce ke ƙirga juyinsa, da wannan ƙirgen take sanin inda take. Idan wani abu ya tokare layin da take gudu a kai, sai ta tsaya kafin wurinta, mutum ya ce ta manta.

Na ce kowa ya zo da shigar da ya saba tuƙi da ita. Yaya ya fito da singileti da silifas, na mayar da shi. Mutumin da kullum yake fita da kaftani da hula, ranar Juma'a da babbar riga, idan ya saita kujera da kai ba hula, gobe hular za ta riƙa gogar rufi, ga shi motar mai tagar sama ce, rufinta ya fi sauka. Daga nan sai ya fara duƙar da kai ko ya kwantar da majingina, madubai duk su tashi daga saiti. Haka Anti da ɗaurin kallabinta, haka takalminta: mai tsini da fale-fale ba nisa ɗaya suke ba ƙafa zuwa birki ba.

Jerin yana da muhimmanci, kuma a nan yawancin mutane suke kuskure, don da madubi suke farawa saboda shi ne a gaban ido. Madubi yana bin inda idonka yake ne, ido kuma yana bin kujera, to duk gyaran kujera da ka yi bayan madubi ya rushe na madubin. Mun fara da tsayin kujera, har Yaya ya ga gaban bonet da allon mita sosai, da ɗan sarari tsakanin hula da rufi. Sai nisa: ya matse bayansa a kujera ya taka birki har ƙasa, gwiwa ta rage da ɗan lanƙwasa. Idan ƙafa ta miƙe sambal kafin birki ya ƙare, ranar da akuya ta faɗo titi ba za ka samu ƙarfin takawa ba. Sai majingina. Yaya yana son kishingiɗa kamar mai jiran shayi, na ɗago shi yana gunaguni, don bel ba ya riƙe mutum yadda ya kamata idan ya kwanta. Sannan sitiyari: kafaɗa na manne da kujera, ya miƙa hannu, wuyan hannun ya sauka a saman sitiyari ba tare da ya ɗago baya ba.

Na Anti ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro da na ga yadda ta yi watanni tana tuƙi. Don ƙafarta ta kai birki, dillali ya turo kujerar gaba har ƙarshen layi, ya bar sitiyari a zare kamar yadda yake wa Yaya. Na aiki ƙaramar 'yarsu ta ɗauko rular makaranta mai santimita 30, na ba Anti ta ɗora daga ƙashin ƙirjinta zuwa tsakiyar sitiyari. Rular ta ƙi shiga, ko kusa. Jakar iskar da ke tsakiyar sitiyari tana fashewa da ƙarfin gaske a farkon fitowarta, shi ya sa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka take ba da shawarar a bar aƙalla inci 10, wato kamar santimita 25, tsakaninta da ƙirjin direba. Gajeren mutum ba zai iya ja da baya ya bar birki ba, don haka sitiyarin ne zai ja da baya ya bar shi. Na tura shi ciki wajen dashbod, na sauke shi ya kalli ƙirji maimakon fuska, na ɗaga mata kujera sama, na ɗan sassauta majingina kaɗan. Muka sake gwada rula, tazarar ta haura 25, ƙafarta kuma tana kai birki ƙasa ba tare da ta zamo gaba ba.

Akwai wani ƙaramin abu da na yi kafin mu ajiye nata. Na ja kujerar baya kamar faɗin yatsa ɗaya daga ƙarshen layi. Idan kujera ta kai iyakarta mutum ya ci gaba da danna maɓalli ta wannan ɓangaren, ƙirgen nan yana iya ɗan kaucewa, sai zaman da aka ajiye ya dawo da ɗan bambanci. Anti tana da wannan ɗabi'ar, tana shiga sai ta ƙara danna gaba ko da kujera ta ƙure, wai ko za ta ƙara matsowa. Haka ma dogon da ke ƙure ta baya.

A kan madubai muka yi gardama. Su ukun sun saba saita na gefe yadda rabin madubi jikin motarsu ne. Na ce musu motarku ba za ta gudu ta bar ku ba, ba sai kun yi gadinta ba. Wani injiniya mai suna George Platzer ya gabatar da wata hanya a takardar da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta buga a 1995, kuma ita nake koya wa mutane. Ka jingina kanka da gilashin ƙofarka, ka tura madubin hagu waje har sai gefen motarka ya rage ɗan siriri a bakin madubin. Sai ka karkato kai zuwa tsakiyar mota, ka yi wa na dama haka. Idan ka koma zamanka ba za ka ga jikin motarka ba, amma motar da ta bar madubin tsakiya za ta shigo na gefe, kafin ta bar na gefe kuma ta iso gefen idonka. Na sa yaron ya zagaya motar da kekensa a hankali, Yaya yana zaune yana bin sa daga madubi zuwa madubi, bai ɓace masa ba ko sau ɗaya. A garin da A Daidaita Sahu da babura ke kutsowa ta inda ba ka zata ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake bai hana waiwaye kafin a canja hannu ba. Na kuma tuna musu cewa madubin dama na motocin Amurka mai ɗan tudu ne, yana nuna abu da nisa fiye da yadda yake.

Yaya da yaron suka karɓa. Anti ta ce ita ba ta yarda ba, da jikin motar take auna ginshiƙin get da bakin kwata idan tana shiga gida da ribas, kuma gaskiyarta, get ɗin nasu matsattse ne. A nan motar tana da abin da babu wanda ya taɓa lura da shi a gidan. Idan ka bar maɓallin zaɓen madubi a kan L ko R, wato hagu ko dama, da ka sa giya a ribas madubai suna sunkuyawa su nuna ƙasa, ka fito daga ribas su koma. Idan ba a zaɓi ko ɗaya ba, ba sa sunkuyawa. Kuma kana iya gyara yawan sunkuyon: ka taka birki, ka sa R, ka daidaita madubin yadda kake so, motar ta riƙe. Sai dai tana auna shi ne daga saitin tuƙi na yau da kullum, don haka idan ka canja wancan, wannan ma ya gusa, sai an sake. Muka yi sulhu: nata madubin mun buɗe shi fiye da da, bai kai na Yaya ba, sannan ta saita sunkuyon har tana ganin tayar baya da bakin kwata. Ni da so samu ne ta buɗe gaba ɗaya, amma madubin da direba bai yarda da shi ba, gobe da safe zai mayar da shi inda ya saba.

Kowa yana gama nasa, a nan take muke ajiyewa: giya a P, a danna SET, a danna lamba kafin daƙiƙa 3 su wuce, a ji ƙara. Sannan in hargitsa kujera da madubai da gangan, in ce ya danna lambarsa kaɗai, ba SET, ya riƙe har ta yi ƙara, mu ga ko ta dawo. Sau biyu-biyu muka gwada kowanne.

Sai na lissafa musu abin da motar ba ta riƙewa, don a nan mai dogara da maɓalli yake faɗawa rami. Madubin tsakiya da hannu ake juya shi, ba ya cikin ajiya, ga shi kuma hanyar madubai da na koya musu a kansa ta dogara, shi ne mai nuna bayan mota kai tsaye. Idan Anti ta shiga bayan Yaya, komai zai zo mata daidai, amma madubin tsakiya rufi zai nuna mata. Matashin kai ma da hannu ne, tsakiyarsa ya zo daidai saman kunne. Haka maƙalin bel da ke jikin ginshiƙi, wanda idan an bar shi a saitin Yaya, bel ɗin a wuyan Anti yake bi maimakon tsakiyar kafaɗa. Abin tokare ƙugu da ke cikin majingina, duk da na lantarki ne, shi ma ba ya shiga ajiya. Wannan ya warware wani ƙorafin da Anti ba ta ma kawo ba sai da na faɗa: ashe shi ya sa wasu ranakun take jin kamar an cusa mata dunƙulen hannu a baya.

Haɗa makullai ne ya rage. Na ɗauki na Yaya, na rufe ƙofar direba, giya a P, mota a IGNITION ON, na danna 1 zamansa ya zo. Ina riƙe da 1 ɗin, na danna maɓallin kulle ƙofofi da ke jikin ƙofar na riƙe, ina jiran gajeriyar ƙara. Sai motar ta saki doguwa, kamar daƙiƙa 3 ba yankewa. Wannan ita ce alamar bai shiga ba. Na sake, haka. Na juya, ga Anti a kujerar baya tana shan sanyi, jakarta a cinya. "Anti, makullinki fa?" Ta ce yana cikin jaka, ina ruwansa da mu. Ruwansa kuwa ya yi tsaki, don idan makulli biyu suna cikin mota ba ta san wanda za ta ɗaura ba. Aka kai jakar falo, na sake, ƙara ɗaya gajeriya. Muka musanya, na yi wa nata da 2. Wanda yake son raba makulli da lamba kuwa, haka zai yi amma SET zai riƙe a madadin lambar, har ya ji ƙara sau biyu. Gwajin shi ne a fita, a kulle, a buɗe da makullin, a ja ƙofar direba. Duk biyun suka amsa.

Yaron ba shi da makulli, kuma na hana a ɗaura wani da 3. Shi aro yake yi, don haka na ce ya riƙa ɗaukar na babansa, ba na mamarsa ba. Dalili mai sauƙi ne: zaman Yaya ya fi nasa faɗi, zai shiga ba matsi, ya danna 3 kafin ya sa giya. Idan ya ɗauki na Anti kuwa, shi ma gwiwa za ta gaya masa. Haka duk wanda za a ba motar, bakanike ko masu wanki: a ba su na Yaya, su gyara kujera da maɓallin gefe yadda suka ga dama, wannan ba ya taɓa ajiya muddin ba a danna SET ba. Na yanki farin salatif na manna a kan SET ɗin, yana dannuwa idan an so, amma yatsa zai ji bambanci ko a duhu. Makullin Anti kuma ta ɗaura masa jan zare da wani ɗan kwalliya, aka buga masa ƙusa ta daban.

Har na fara wanke hannu sai abu na ƙarshe ya nuna kansa. Yaya ya dawo da motar ciki, ƙaramar 'yar nan mai rula tana zaune a bayansa, ta miƙe ƙafafu tana tokare da majingina. Ya sa P, ya kashe, ya cire bel, kujera ta zame baya da kanta, sitiyari ya ɗage, yarinya ta ƙwalla ƙara tana janye ƙafa. Ba ta ji ciwo ba, tsorata ta yi. Wannan tsarin sauƙaƙa fita ne, yana tashi idan abubuwan nan uku sun haɗu, kuma ba ya duba ko akwai mutum a baya. Ga Anti yana da amfani sosai, don kujerarta tana gaba, ja da bayan ne ke ba ta hanyar fita. Ga Yaya da kujerarsa ta riga ta yi baya, ɗan sararin da ya rage wa na bayansa yake cinyewa. A cikin saitin motar ana iya barin tafiyar cikakkiya, ko a rage ta, ko a kashe. Yaya ya ce a kashe, Anti ta ce ba a isa ba. Na sa a kan ragaggiya, na ce kujerar yarinyar ta koma bayan fasinja, kuma a daina ajiye kula ko kwalin ƙwai a bayan direba.

Kafin in tafi na sa Yaya ya ɗauki hoton gefen kujerarsa da waya, yadda za a ga inda take a kan layinta, na sa Anti ma ta yi. Motoci da yawa, musamman tsofaffin samfura, suna zubar da irin wannan ajiyar idan aka cire batir, kuma ko ba haka ba, wani yatsan zai sake sauka kan SET wata rana. Da hoto a hannu minti biyar ya isa a dawo da komai.

Bayan mako biyu Yaya ya sake kira, ina ɗagawa na ji yana nishi. Na ce lafiya? Ya ce motar ce ta sake matse shi a bakin masallaci. Na ce ya duba makullin da ke hannunsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa ya mayar da mai jan zaren nan kan ƙusata?"